Ina Iyakar Girman Samfuran Harshe?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar kwamfuta. Na karanta cewa akwai dokar lissafi da ke nuna yadda samfurin harshe ke ƙara kyau idan aka ƙara masa girma, sannan na sake karanta cewa manyan samfura kan nuna wata baiwa kwatsam wadda babu wanda ya yi tsammaninta. Ta yaya abu zai bi doka kuma ya zo da mamaki? Kuma da gaske ne ƙarin girman ya kusa kai wa iyakarsa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya rikita ki ya samo asali ne daga ma'auni biyu da ake yawan cakuɗa su. Ma'auni na farko shi ne kuskuren da samfuri ke yi wajen hasashen kalma ta gaba a cikin rubutu, wanda za ki gani a allon horarwa da sunan `loss`. Ma'auni na biyu shi ne makin da samfurin ke ci a wata jarabawa da mutane suka tsara masa, kamar lissafi ko rubuta manhaja ko amsa tambayoyin ilimi. Dokokin girma a kan na farkon suke magana, mamakin kuma a na biyun yake faruwa. Idan kika riƙe wannan bambanci, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Abin da dokar ke aunawa

A horarwar farko, ana horar da samfurin harshe ne da aiki guda ɗaya tak: a ba shi farkon rubutu, ya faɗi guntun kalmar da zai biyo baya. Waɗannan guntayen kalmomi su ake kira tokin. Samfurin ba ya zaɓar tokin ɗaya kai tsaye. Yana raba yiwuwa ne a kan duk tokin da ya sani, sai a duba kason da ya bai wa wanda ya zo a rubutun na gaskiya. Idan ya ba shi kaso mai yawa, kuskure ya yi ƙasa, idan ya ba shi kaɗan, kuskure ya yi sama. Matsakaicin wannan kuskure a kan rubutu mai yawa da samfurin bai taɓa gani ba shi ne lambar da muke bibiya.

Abubuwa uku ne ke jan wannan lamba ƙasa. Akwai yawan faramita, wato lambobin da ke cikin samfurin waɗanda horarwa ke daidaitawa, ana rubuta shi N. Akwai yawan tokin da aka horar da shi a kansu, ana rubuta shi D. Sai kuma yawan lissafin da na'urori suka yi, C, wanda ake ƙirga shi da FLOP, wato adadin ƙananan ayyukan lissafi kamar tarawa da ninkawa. Ukun a haɗe suke, domin kowane tokin yana buƙatar kimanin ayyukan lissafi shida a kan kowace faramita:

```
C ≈ 6 × N × D
```

A watan Janairun 2020, Jared Kaplan da abokan aikinsa a OpenAI suka horar da samfura masu girma daban-daban, suka gano cewa kuskuren yana sauka ne a kan tsari mai ban sha'awa: duk lokacin da aka ninka girma da wani adadi, kuskuren kan ragu da kaso iri ɗaya, komai inda aka tsaya. Idan aka zana wannan a takardar da kowane taku a cikinta ninki goma ne, sai ya fito a miƙaƙƙen layi. Shawarar da suka fitar ita ce idan aka samu ninki goma na ƙarfin lissafi, a ƙara faramita kimanin ninki 5.5, rubutu kuma kimanin ninki 1.8 kawai. GPT-3, wanda ya fito a wannan shekarar da faramita biliyan 175 da tokin kimanin biliyan 300, irin wannan tunani ya bi: kai babba, karatu kaɗan.

Ina so ki lura da cewa kalmar "doka" a nan ta ɗan fi ƙarfin abin. Ba daga wata ka'idar halitta aka ciro ta ba; layi ne aka ja ta cikin ɗigo-ɗigon sakamakon gwaji, sai aka ga yana ci gaba da dacewa idan an ƙara girma. Shi ya sa ma ta yiwu a yi kuskure a cikinta, kuma an yi.

Gopher da Chinchilla: mu yi lissafin da kanmu

A watan Maris na 2022, Jordan Hoffmann da abokan aikinsa a DeepMind suka sake gwajin da samfura sama da 400, daga masu faramita miliyan 70 zuwa masu biliyan 16. Sun ga cewa shawarar farko ta tauye haƙƙin rubutu. Ɗaya daga cikin dalilan da suka bayar shi ne cewa a gwajin farko ba a daidaita jadawalin rage saurin koyo, wato girman gyaran da ake yi wa faramita a kowane taku, da tsawon kowace horarwa ba, don haka lissafin ya raina amfanin rubutu. Sakamakonsu ya nuna cewa faramita da rubutu su riƙa girma tare, kafaɗa da kafaɗa, kimanin tokin 20 ga kowace faramita ɗaya. Ga tsarin da suka daidaita da sakamakonsu, inda L ke nufin kuskure:

```
L = 1.69 + 406.4 / N^0.34 + 410.7 / D^0.28
```

Wannan layi guda ya ƙunshi kusan duk amsar tambayarki, don haka bari mu tsaya a kansa. Kashi uku ne. Kashi na tsakiya kuskure ne da ke zuwa saboda samfurin bai kai girman da zai riƙe komai ba. Kashi na ƙarshe kuskure ne da ke zuwa saboda bai ga isasshen rubutu ba. Kashi na farko kuwa, 1.69, babu N ko D a cikinsa, wato komai girman da aka ƙara ba zai taɓa shi ba. Shi ne rashin tabbas da ke cikin harshe kansa. Idan na ce miki "jiya na je kasuwa na sayo...", ko wanda ya fi kowa sanin Hausa ba zai iya tabbatar da ko albasa zan ce ko atamfa ba, domin amsar ba ta cikin jimlar.

DeepMind suna da wani samfuri tun kafin nan mai suna Gopher, faramita biliyan 280, tokin biliyan 300. Idan kika saka waɗannan lambobi a tsarin, kashin faramita zai ba ki kimanin 0.052, kashin rubutu kuma kimanin 0.251, jimla 1.99. Dubi yadda nauyin ya karkata: kuskuren da ƙarancin karatu ya jawo ya ninka wanda ƙarancin girma ya jawo kusan sau biyar. Kuɗin da aka zuba wajen ƙara faramita an zuba shi ne inda ciwon ba ya nan. Sai suka horar da Chinchilla, faramita biliyan 70 kacal, rubu'in Gopher ke nan, amma da tokin tiriliyan 1.4. Ki ninka 6 da N da D ga kowannensu, za ki ga duka biyun suna tsakanin 5 × 10^23 da 6 × 10^23 FLOP, wato kusan kuɗi ɗaya. A tsarin, kashin faramita na Chinchilla ya hau zuwa kimanin 0.083, kashin rubutu ya sauka zuwa kimanin 0.163, jimla 1.94.

Bambancin 1.99 da 1.94 kamar ba komai ba ne a ido. Amma a jarabawar MMLU, mai tambayoyin zaɓi a fannoni 57, Gopher ya ci kashi 60 cikin ɗari, Chinchilla ya ci kimanin kashi 67.5. Ragin da bai kai kashi uku cikin ɗari na kuskuren ba ya haifar da ƙarin maki bakwai da rabi. Tun daga nan kin fara ganin cewa ma'aunan biyu ba tafiya ɗaya suke yi ba. Zan ƙara da cewa a 2024 masu bincike a Epoch AI sun sake duba lambobin wannan tsari, suka nuna cewa ba a daidaita su da kyau ba, suka fitar da wasu da suka ɗan bambanta. Ƙa'idar tokin 20 ga faramita ɗaya dai ta tsaya. Ki ɗauki lambobin a matsayin abin koyon siffar al'amarin, kuma ki sani sun dogara ne ga irin rubutun da aka yi horon da shi da yadda aka yanka shi zuwa tokin.

Daga ina mamakin yake fitowa

A takardar GPT-3 an gwada samfura takwas masu girma daban-daban da lissafin tarawa da ɗebewa. Mai faramita biliyan 13 yana cin kimanin rabin tambayoyin lambobi masu gurbi biyu, sauran nau'o'in lissafin kuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Mai biliyan 175 ya cinye tarawa mai gurbi biyu gaba ɗaya, ya ci kimanin kashi 80 na mai gurbi uku. Babu wanda ya koya masa lissafi a keɓe. A 2022 Jason Wei da abokan aikinsa suka tattara misalai irin wannan da dama, suka bayyana su a matsayin baiwar da babu ita a ƙananan samfura amma akwai ta a manya, wadda ba za a iya hasashenta ta hanyar miƙa layin ƙananan ba. A zanensu makin yana kwance a ƙasa kamar na mai canki-canka, sai ya miƙe tsaye a wani girma.

A 2023 Rylan Schaeffer da Brando Miranda da Sanmi Koyejo na jami'ar Stanford suka kawo hujjar cewa da yawa daga cikin waɗannan tsalle-tsalle daga hanyar ba da maki suke fitowa. Hujjar tana da sauƙin da za ki iya gwada ta da kalkuleta. A ce amsar tambaya lamba ce mai gurbi biyar, kuma ba a ba da maki sai an samu dukan biyar ɗin daidai. A ce kuma yiwuwar samun kowane gurbi daidai ita ce p, kuma don sauƙi mu ɗauka gurbi bai shafi gurbi ba. To yiwuwar cin maki ita ce p sau p har biyar. Samfurin da p ɗinsa 0.3 ne zai ci ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wanda ya kai 0.5 zai ci kashi 3. Mai 0.7 zai ci kashi 17, mai 0.9 kuma kashi 59. Ki duba: p ya hau ne da taku iri ɗaya, 0.2 kowane lokaci, amma mai kallon maki zai rantse cewa samfuran farko biyu ba su san komai ba, na ƙarshen kuma wahayi ya sauko masa. Da aka sauya ma'auni zuwa wanda ke ƙirga gurbi nawa aka samu daidai, sai tsallen ya koma hawa a hankali a yawancin misalan da suka gwada. Akwai kuma matsalar ƙarancin tambayoyi: idan jarabawa tambaya 100 ce, samfurin da ke cin ɗaya cikin dubu da wanda ke cin ɗaya cikin miliyan duk sifili za su nuna, alhali ratar da ke tsakaninsu ninki dubu ce.

Na taɓa cin karo da wannan a aikina. Muna gwada wasu samfura a kan tambayoyin Hausa masu gajerun amsoshi, kuma manhajar da na rubuta don ba da maki tana kwatanta amsar samfuri da amsar da ke hannunmu harafi da harafi. Ƙananan samfuran suka fito da maki kusan babu, babban ya yi musu fintinkau, har na fara rubuta cewa fahimtar Hausa ta bayyana ne a wannan girma. Da na zauna na karanta amsoshin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga matsakaicin samfurin ya san amsa a wurare da dama, amma yana rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", ko ya ƙara jimla a gaban amsar. Laifin ma'aunina ne. Tun daga lokacin ba na yarda da wani tsalle a zane sai na yi abu uku: na karanta amsoshin da aka ce ba daidai ba ne da idona, na sake auna su da ma'aunin da ke ba da rabin maki, na kuma duba kason yiwuwar da samfurin ya bai wa amsar gaskiya ko da bai zaɓe ta ba. Wannan na ukun shi ya fi amfani, domin yakan nuna miki samfuri yana matsowa kusa da amsa tun makinsa yana sifili.

Duk da haka ban yarda da masu cewa wannan hujja ta rufe maganar ba, saboda dalilai biyu. Na farko, a rayuwa ta zahiri ma'aunin "duka ko babu" shi ne wanda ya shafe mu. Manhajar da layi ɗaya ya lalace a cikinta ba ta tashi, kuma jimlar kuɗi da gurbi ɗaya ya kuskure ba ta da amfani ga ɗan kasuwa. Ga mai amfani da samfurin, ranar da p ya tashi daga 0.7 zuwa 0.95 ita ce ranar da abin ya fara aiki, domin maki ya tashi daga kashi 17 zuwa 77, kuma wannan sauyi na gaske ne ko da cikinsa a hankali ya faru. Na biyu, akwai sauye-sauyen da ke faruwa kwatsam a cikin samfurin kansa. A 2022 masu bincike a Anthropic sun nuna cewa a wani ɗan gajeren zango na farkon horarwa, samfura kan gina wani tsari na ciki wanda ke duba baya a rubutu, ya nemo inda tokin na yanzu ya taɓa fitowa, ya kwafo abin da ya biyo bayansa. Samuwar wannan tsari tana zuwa tare da ƙaruwar iya koyo daga misalan da ke cikin tambaya, kuma har ana ganin alamarta a matsayin ɗan lanƙwasa a layin kuskure. Wannan ba ma'auni ne ya ƙirƙire shi ba.

Hanyar da nake fahimtar haɗuwar biyun ita ce: kuskuren da doka ke hasashe matsakaici ne a kan dubban ƙananan ƙwarewa, nahawu da tarihi da lissafi da salon wasiƙa da sauransu. Kowace ɗaya tana iya samuwa a nata lokacin, wata ma kwatsam, amma da yake suna da yawa kuma ba tare suke zuwa ba, jimlarsu sai ta fito sumul. Kamar farashin buhun hatsi ne a faɗin ƙasa: matsakaicinsa yana iya hawa a hankali alhali a wata kasuwa ya yi tsalle a mako guda. Shi ya sa OpenAI suka ce a rahoton GPT-4 na Maris 2023 sun yi hasashen kuskurensa na ƙarshe daga samfuran da suka ci lissafi ƙasa da nasa har ninki 10,000, amma hasashen makin kowace jarabawa ya fi haka wuya nesa ba kusa ba.

Maganar iyaka

Mu koma ga tsarin Chinchilla, domin iyaka ta farko a rubuce take a cikinsa. Idan kika ninka faramita sau goma, kashinta na kuskure zai koma kimanin kashi 46 cikin ɗari na yadda yake. Idan kika ninka rubutu sau goma, nasa zai koma kimanin kashi 52. Yin duka biyun yana nufin ninka lissafi sau ɗari. To daga Chinchilla mai 1.94, ninki ɗari na kuɗi zai kai ki kimanin 1.81. Wani ninki ɗarin kuma, wato dubu goma ke nan daga farko, zai kai ki kimanin 1.75. Zangon farko ya rage 0.12, na biyu ya rage 0.06, kuma na biyun ya fi na farkon tsada sau ɗari. Saboda haka mai cewa dokar tana nan ba ta karye ba da mai cewa riba tana raguwa duk abu ɗaya suke kallo. Layin da ke miƙe a takarda mai takun ninki goma, idan aka zana shi a kan kuɗi na zahiri, lanƙwasa yake yi ya kwanta.

Sai dai kusantar 1.69 ba ya nufin baiwa ta ƙare. Yawancin tokin a rubutu masu sauƙin hasashe ne, kuma ƙaramin samfuri ma ya gama da su. Ragowar kuskuren da ake iya ragewa ya taru ne a wurare ƙalilan masu wuya: matakin da ya dace a hujjar lissafi, sunan wanda ya aikata laifi a ƙarshen labarin bincike, layin manhaja da ya dogara ga abin da aka rubuta shafuka da yawa a baya. Waɗannan ba sa motsa matsakaici sosai, amma su ne abin da muke kira fahimta. Lissafin p da muka yi ma ya nuna haka: daga 0.95 zuwa 0.99 ɗan taku ne, amma a aiki mai matakai hamsin yana ɗaga nasara daga kimanin kashi 8 zuwa kimanin kashi 60.

Iyaka ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ita ce rubutu. Llama 3 na Meta, wanda ya fito a 2024, an horar da shi da tokin kimanin tiriliyan 15, kuma babbansa mai faramita biliyan 405 ya ci kimanin 3.8 × 10^25 FLOP a kan na'urorin GPU ƙirar H100 har 16,000. Ƙaraminsa mai biliyan 8 ma wannan adadin rubutu aka ba shi, wato kusan tokin 1,900 ga kowace faramita, nesa da 20 na Chinchilla. Da gangan aka yi haka, domin lissafin Chinchilla kuɗin horarwa kawai ya duba, alhali samfurin da miliyoyin mutane za su yi amfani da shi kullum gara ya zama ƙarami mai karatu da yawa. Wannan ya ƙara wa rubutu daraja. Masu bincike a Epoch AI sun ƙiyasta a 2024 cewa rubutun ɗan Adam da ke fili wanda zai yi amfani a horarwa ya kai kimanin tokin tiriliyan 300, kuma idan aka ci gaba da tafiya yadda ake yi za a cinye shi tsakanin 2026 da 2032. A watan Disambar 2024, a taron NeurIPS a Vancouver, Ilya Sutskever ya faɗi cewa horarwar farko kamar yadda aka san ta za ta zo ƙarshe, domin intanet ɗaya ce kawai muke da ita.

Ana iya maimaita rubutun da ake da shi, amma zuwa wani mataki. Niklas Muennighoff da abokan aikinsa sun nuna a 2023 cewa zagaya rubutu ɗaya har sau huɗu kusan daidai yake da samun sabo, daga nan amfanin ya riƙa raguwa har ya kusa ƙarewa. Ana kuma iya sa samfuri ya rubuta abin da za a horar da wani da shi. Wannan yana aiki sosai inda akwai alƙali na waje da zai tantance daidai da kuskure, kamar lissafin da ake iya duba amsarsa ko manhajar da ake iya gwadawa. Inda babu alƙali, wani bincike da ya fito a mujallar Nature a 2024 ya nuna cewa samfurin da aka yi ta horarwa da rubutun na gabansa, zuriya bayan zuriya, yakan fara rasa abubuwan da ba su cika fitowa ba, har rubutunsa ya ƙuntata.

A nan ne muhawarar ta ɗan sauya wuri. A watan Satumbar 2024 OpenAI suka fitar da samfurin o1, suka nuna cewa makinsa a gasar lissafi ta AIME yana hawa gwargwadon tsawon lissafin da aka bar shi ya yi kafin ya ba da amsa, kuma hawan yana bin irin tsarin nan na ninki-ninki. DeepSeek-R1 a Janairun 2025 ya nuna a fili yadda ake samun irin wannan ta hanyar ba wa samfuri lada yayin horarwa idan amsarsa ta ƙarshe ta yi daidai. Wato an samu wata hanyar zuba lissafi wadda ba ta cin sabon rubutun intanet da yawa. Hukuncina shi ne ƙara faramita da rubutu kaɗai ya shiga zangon da kowane taku ke da tsada ƙwarai, kuma wutar lantarki da na'urori da rubutu ne za su tsayar da shi kafin lissafin dokar ya tsayar da shi. Sabuwar hanyar kuma tana da nata sharaɗi, domin ƙarfinta ya fi bayyana ne a ayyukan da ake iya duba amsarsu da na'ura, kuma ita ma ninki take ci ta ba da taku.

Inda abin ya shafe ki kai tsaye

Idan aikinki na ƙarshe a kan Hausa zai kasance, iyakar da manyan kamfanoni ke hangowa ke a cikinta za ki fara. Ki ƙirga tokin ɗin da ke hannunki bayan kin cire maimaici, domin rubutun da ake tattarowa daga intanet cike yake da labari ɗaya da aka kwafa a shafuka da yawa. A ce kin samu miliyan 200. Idan kika zagaya shi sau huɗu, kina da kwatankwacin miliyan 800, kuma idan kika raba da 20 za ki samu faramita miliyan 40. Wannan ne kimanin girman da rubutun naki zai iya ciyarwa idan daga tushe za ki fara, kuma ya yi ƙanƙanta da nisa ga irin baiwar da muka yi magana a kai. Shi ya sa hanyar da ta fi dacewa ita ce ki ɗauki samfurin da aka riga aka horar da harsuna da yawa ki ci gaba da horar da shi a kan Hausa, domin abin da ya koya na lissafi da tsarin tunani a wasu harsuna yana iya ƙetarowa. Ki kuma duba yadda yake yanka kalmomin Hausa, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ, domin mai yankan da aka gina a kan Turanci yakan farfasa kalma ɗaya zuwa guntaye da yawa, sai adadin tokin ya kumbura ba tare da rubutun ya ƙaru ba.

Yayin horarwa ki ware wani kaso na rubutun da samfurin ba zai gani ba, ki riƙa auna kuskure a kansa tare da na horarwa. Muddin layukan biyu suna sauka tare, samfurin yana koyo. Ranar da kika ga na horarwa yana ci gaba da sauka alhali na rubutun da aka ware ya tsaya ko ya fara hawa, to ya koma hadda, kuma ƙara masa faramita a wannan hali zai gaggauta haddar ne kawai. Idan kina son hasashen abin da babban samfuri zai ba ki kafin ki kashe kuɗin hayar GPU, ki horar da ƙanana huɗu ko biyar, kowanne ya ninka na bayansa sau biyu ko uku, kowanne da jadawalin saurin koyo da ya dace da tsawon horarwarsa. Ki ɓoye mafi girmansu, ki ja layin da sauran, sannan ki duba ko layin ya faɗa kansa. Idan ya kuskure shi, ki fara binciken jadawalin saurin koyo da maimaicin da ke cikin rubutun kafin ki zargi dokar.